Madauri huɗu a agogo ɗaya: abin da daminar Kaduna ta yi wa kowannensu

Agogo ɗaya nake ɗaurawa tun shekarar da na yi aure, amma cikin damina biyu da suka wuce na sauya masa madauri har iri huɗu: na fata, na roba, na zaren nailan, da sarƙar ƙarfe. Ba don ƙawa na yi hakan ba. Wuyan hannuna ne ya fara ja yana ƙaiƙayi, madaurin da nake so kuma ya fara wani wari da turare ba ya rufe shi.

Ya kamata in faɗi irin zaman da nake yi, domin wanda ke wuni a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki ba lallai ya ga abin da na gani ba. Kullum a kan mashin nake tashi daga Kawo zuwa Kakuri, inda nake kula da sito na kayan gini. Rufin kwano ne, fanka ɗaya. Ina alwala sau huɗu ko biyar kafin in koma gida, kuma ruwan sama ya sha kama ni a kan gada ba wurin fakewa. Faɗin da ke tsakanin kunnuwan agogon nawa milimita 20 ne, kuma duk wanda zai sayi madauri ya fara auna wannan wurin da rula kafin ya je kasuwa. Galibin agogon maza 18 ne, ko 20, ko 22. Idan aka sa na 18 a gurbin 20, madaurin zai riƙa zamewa hagu da dama yana cin fil ɗin da ke riƙe shi.

Abin da ban gane ba da farko shi ne zafi ba iri ɗaya ba ne. Zafin watan Maris mai ƙuna ne, amma iska a bushe take, gumi na fita yana bushewa nan take. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa rana ba ta kai ta Maris ba, sai dai iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa, ba ta da inda za ta kai gumin. Sai ya kwanta a ƙarƙashin madauri tun safe har dare, da gishirinsa da maiƙon jiki da ragowar sabulu. Saboda haka na daina tambayar wane madauri ne ba ya jiƙewa. Duk suna jiƙewa. Tambayar da ta amfane ni ita ce: wanne ne zan iya wankewa, kuma wanne ne ke barin fatata ta sha iska?

Na fata shi ne wanda na fi so a raina, kuma shi ne ya fi ba ni takaici. Na farkon na saye shi ne a wani shago, baƙi mai sheƙi, an ce mini fata ce zalla. A hunturu ba shi da laifi ko kaɗan. Da aka shiga Yuli sai gefensa ya fara buɗewa, na ga ashe hawa uku ne aka manne da gam: wata leda mai sheƙi a sama, wani abu kamar kwali a tsakiya, da siririn shafi a ciki. Gumi ya bi ta ramukan maɓalli ya shiga tsakiyar, kwalin ya kumbura, ledar ta fara ɓarewa daidai ramin da nake amfani da shi. Irin wannan garin fata ne da aka kwaɓa da gam aka lulluɓe da roba. Ana iya gane shi tun a shago. A lanƙwasa shi baya sosai: fatar gaske tana yin ƙananan tamoji sannan ta koma, wannan kuwa yakan yi layi guda mai kaifi ya tsaya. A kuma leƙa cikin ramin maɓallin, za a ga hawa-hawan.

Da wannan ya mutu sai na ce bari in koma gida. Na kai wa wani baduku tsohon madaurin ya ɗauki awo, ya yanka mini sabo daga jar fatar akuya, irin wadda majemanmu ke jemewa da bagaruwa. Wallahi ya yi kyau. Laushi kamar ƙyalle, ɗinkin hannu, ga ƙamshin fata na ainihi. Mako uku na yi ina jin daɗinsa. Amma fatar da aka jeme da bagaruwa tana shan ruwa kamar soso, wannan halinta ne, ba aibin aikin badukun ba. Wata Juma'a cikin Agusta na sa farin yadi, na yi alwala da agogon a hannu na ɗan tura shi sama kawai, na tafi masallaci a ƙafa. Da na dawo na zauna cin abinci, uwargida ta kama hannun rigar ta juya shi.

"Maigida, ka ji ciwo ne?"

Jan rini ne ya zagaye bakin hannun rigar daga ciki, kamar an zana da alli. Wanki biyu bai fitar da shi duka ba. Daga ranar na cire madaurin na jefa a aljihun durowa, kuma nan na yi kuskure na biyu, domin da danshinsa na ajiye shi. Bayan mako biyu na buɗe na tarar da fumfuna fari-fari ta rufe cikinsa. Duk wanda ya taɓa barin takalmin fata a ƙarƙashin gado a watan Agusta a garin nan ya san abin da nake nufi.

Na ceto shi dai. Na goge da tsumma mai ɗan laima, na rataye shi a inuwa inda iska ke kaɗawa kwana biyu, sannan na shafa masa man kaɗanya ɗan mitsitsi a waje kawai. Kada a shanya fata a rana ko kusa da murhu don gaggawa, takan ƙandare ta tsage. Yanzu yana nan, ya yi duhu ya ƙara kyau, amma daga Nuwamba zuwa Fabrairu kaɗai yake ganin hannuna. Warin da fata ke yi kuwa, in ya riga ya shiga, ba ya fita gaba ɗaya, domin ƙwayoyin cuta ne ke cin gumin da ya nutse a cikinta, kuma ba a jiƙa fata a ruwan omo a cuɗa kamar safa. Wanda aikinsa ya tilasta masa na fata ko da damina, ya nemi wanda aka yi wa shafin roba ta ciki, ya cire shi kafin alwala, kuma kada ya sa shi kwana biyu a jere.

Daga nan na faɗa kan roba, da tunanin an gama magana tunda ruwa ba ya shigarta. Na sayi mai laushin nan na silikon, wanda aka fi gani a teburin masu sayar da agogo. Gaskiya ne ruwa bai yi masa komai ba. Ni ya yi wa. Cikinsa sumul yake ba ko tsagi, yana manne wa fata kamar filasta, gumin da ya shiga ba shi da hanyar fita. Kafin la'asar in na ɗaga shi sai in ga wurin ya yi fari ya yi laushi, kamar yatsun wanda ya daɗe yana wanki. Cikin kwana goma ƙananan ƙuraje suka zagaye hannun daidai faɗin madaurin. Ga shi kuma da kwasar ƙura: a sitonmu na siminti kafin azahar baƙin ya koma toka-toka, zaren riga duk ya manne masa.

Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, ita ta duba hannun ta raba mini abu biyu da nake haɗawa. Ta ce, "Yaya, dubi inda ƙurajen suka bi. Da ƙarfen maɓallin ne jikinka ba ya so, da a wuri ɗaya za su tsaya, daidai inda ƙarfen ke taɓa ka, kuma duk ranar da ka mayar sai su dawo. Wannan ya zagaye hannun ne gaba ɗaya. Laima ce da sabulu da gogayya." Ta ce in ajiye agogon har wurin ya warke, in ya ƙi ko ya fara ruwa in je asibiti. Kwana biyar ya lafa. Wannan bambancin ya taimake ni ƙwarai daga baya lokacin zaɓen sarƙa.

Sai dai zalunci ne in yi wa roba kuɗin goro. Ƙanena yana da madauri na robar da ake kira FKM, irin wadda kamfanin Apple ke yin madaurin wasanni na agogonsa da danginta, kuma faɗinsa ya zo daidai da nawa, sai na ara na mako uku. Ya fi silikon nauyi a hannu, ba ya kwasar ƙura, mai da turare ba sa narka shi, kuma nasa yana da tsagi-tsagi ta ciki da ke barin iska ta ɗan ratsa. Ban yi ƙuraje ba, ko da yake gumi yana taruwa, sai na riƙa ɗauraye shi duk dare. Kuɗinsa ya ninka na silikon sau da yawa, kuma a ido kusan ɗaya suke, shi ya sa ake iya sayar wa mutum wannan da sunan wancan. Gwajin da na sani mai sauƙi ne: a goga shi a jikin wando. Silikon zai taso da zare-zare a manne, FKM zai fito kusan tas. Akwai kuma roba ta uku, mai ɗan tauri, wadda ke zuwa da agogon lambobi masu araha. Ita laimar iska ce ke cinta a hankali ko ana sawa ko ba a sawa, kamar yadda tafin wani takalmi ke ruɓewa a ajiye, har wata rana ta karye a bakin rami.

Na zare shi ne ya ba ni mamaki. Ina nufin dogon nan guda ɗaya da ake kira NATO, wanda Ma'aikatar Tsaron Birtaniya ta fitar wa sojojinta a 1973. Ba gida biyu ba ne kamar sauran. Ana zura shi ne ta bayan fil na sama, ya bi ta ƙarƙashin agogon, ya fita ta fil na ƙasa. Amfanin wannan ga mai hawa mashin babba ne: in fil ɗaya ya karye, agogon zai rataye a ɗayan, ba zai faɗi a kwalta ba. Sannan bayan agogon ba ya taɓa fata, zaren ne a tsakani.

Yana jiƙewa sharkaf, ba zan ɓoye ba. Bayan alwala yakan ɗauki kusan awa ɗaya yana sanyi a hannu, ya kuma jiƙa bakin riga. In aka yi kwana huɗu ba a wanke ba yana wari kamar hular da aka daɗe ana sawa. Amma ana wanke shi, kuma nan ya fi fata nesa ba kusa ba. Zare shi daga agogon ba ya buƙatar kayan aiki, daƙiƙa goma ne. In cuɗa da sabulu, in ɗauraye sosai, in rataye a ƙarƙashin fanka, kafin asuba ya bushe. Na sayi guda biyu ina musanyawa, kuɗinsu duka bai kai na fatar shagon nan da ta ɓare ba. Ramukansa sukan fara tsefewa bayan wasu watanni, sai in ɗan haska musu wutar ashana zaren ya narke ya rufe. A kula, nailan nake nufi. Na auduga mai kauri, musamman wanda aka yi wa shafin fata ta ciki, ya haɗa matsalar biyu: ya daɗe bai bushe ba, kuma ba ya wankuwa. Aibinsa ɗaya a wurina shi ne ba ya shiga da manyan kaya. Da babbar riga a wurin ɗaurin aure sai ya zama kamar agogon ɗan makaranta.

Sarƙar ƙarfe ita ce a hannuna yanzu, kuma ita zan ba wa wanda ke son abu ɗaya ya huta. Amma sai da na yi asara sau ɗaya kafin na gane ta. Ta farkon mara nauyi ce, mai ƙyalli kamar azurfa. Wata biyu gefen da ke taɓa fata ya dushe, wani ja-ja ya leƙo daga ƙasa, hannuna ya riƙa yin kore. Tagulla ce aka yi wa ruwan farin ƙarfe, gishirin gumi ya cinye ruwan. Gaɓoɓinta kuma falle ne aka naɗe, ba curi ba, suna cizon gashin hannu. Ana gane irin wannan in aka kalli gaɓar ta gefe: za a ga layin naɗin. Wani abin lura kuma, rubutun da ke bayan agogo mai cewa ƙarfe ne da ba ya tsatsa, sau da yawa murfin bayan kawai yake nufi, ban da sauran jikin da sarƙar.

Ta biyun na nemi mai gaɓoɓi curi, ta ƙarfen da ake wa lamba 316L, wanda shi ne yawancin agogon kirki ke amfani da shi. Abin da ke hana shi tsatsa sinadarin kuromiyam ne da ke cikinsa, kashi 16 zuwa 18 cikin ɗari, wanda ke yi masa wata siririyar kariya da ke sabunta kanta in an karce. Akwai nikel a ciki, kashi 10 zuwa 14, amma a ɗaure yake cikin ƙarfen, shi ya sa mafi yawan mutane ba ya damunsu. Wanda dai ya san maɓallin wando ko ɗan kunnen ƙarfe na tayar masa da ƙuraje, ya gwada na kwana biyu tukuna kafin ya saki jiki.

Na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran agogo a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, mai ɗan tebur da gilashi a ido ɗaya. Na ce ya rage ta ta kama ni sosai, ba na son agogo yana yawo. Ya kalli agogon bangonsa, ƙarfe tara na safe.

"Ɗana, da safe ka zo. Hannun da za ka koma da shi gida da yamma ba wannan ba ne."

Na ce, "Baba, hannu kuma yana canzawa?"

Bai yi musu da ni ba. Ya cire gaɓa biyu ta ɓangaren lamba shida na fuskar agogon, ɗaya ta ɓangaren sha biyu, yana bin 'yan kibiyoyin da ke cikin sarƙar masu nuna inda fil zai fita. Ya ce ɓangaren shida ake fi ragewa don makullin ya zauna a tsakiyar cikin hannu, kada nauyin agogon ya riƙa jan shi gefe. Sannan ya ɗaura mini ya zura ƙaramin yatsansa tsakanin makullin da fatata, ya ce in ya shiga da ƙyar, daidai ne. Ya juya makullin ya nuna mini ƙananan ramuka uku a gefensa da ban taɓa lura da su ba. Kowane rami yana ƙara ko rage kamar milimita 2 zuwa 3, ƙasa da rabin gaɓa. Ya bar ni a na tsakiya, ya ce da damina in matsa waje, da hunturu in dawo ciki, tsinken sakace ma ya isa a tura fil ɗin.

Da na koma gida na ɗauki tef ɗin awo na ɗinki na gwada maganarsa kwana uku. Da asuba wuyan hannuna santimita 17 ne. Da la'asar, bayan wuni a sito, yana kusan 17 da rabi. Zafi na buɗe jijiyoyin jini, hannu ya ɗan kumbura. Wannan rabin santimitar ita ce tsakanin sarƙar da iska ke ratsawa da wadda ke barin shaida a fata. Na kuma fahimci cewa rabin wahalar da na sha da silikon ma matsewa ce, domin ramin safe nake wuni da shi.

Ƙarfe ba ya shan gumi, kuma tsakanin gaɓoɓi akwai sarari, shi ya sa hannuna ya fi bushewa da ita fiye da duk sauran. Wajen alwala ma ta fi sauƙi: in ɓalle makulli, in zare ko in tura ta sama, in share da gefen hankici ta bushe. Amma tana tara datti a ɓoye. Gumi da ƙura da matacciyar fata suna haɗuwa su zama wani baƙin kwaɓi a cikin gaɓoɓi, kuma shi ma yana ɓata farar riga. Duk ranar Asabar nake wanke ta da tsohon buroshin haƙori da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, in ɗauraye, in tsane da tawul. A nan sai an duba ƙarfin agogon kansa. In an rubuta 30M ko 3 ATM a bayansa, fantsamar ruwa kawai yake ɗauka, kada a tsoma shi, a riƙe kan a sama a wanke sarƙar kaɗai. Nawa 100M ne, ina ɗauraye shi duka bayan na tabbatar maɓallin saita lokaci a rufe yake. Nauyinta kuwa sai da na yi mako guda kafin na daina jinsa.

Abu na ƙarshe da dattijon ya nuna mini bai shafi madauri iri ɗaya kaɗai ba, ya shafe su duka. Da ya zare tsohon fil ɗin da ke riƙe madauri a kunnen agogon, ya danna bakinsa da farce, bai dawo ba. Ɗan sifirin da ke ciki ya yi tsatsa saboda gumin damina biyu. Ya ce da na ƙara wata ɗaya, da agogon ya bar hannuna a hanya ban sani ba. Ya sa sababbi guda biyu masu kauri daidai ramin, kuɗinsu bai kai na kwanon abinci ba. Tun daga lokacin duk ƙarshen damina nake komawa a sauya su.

Yanzu muna tsakiyar Agusta, sarƙar ce a hannuna a ramin waje. Ranar da za mu sauke tirelar siminti nakan mayar da na nailan tun daren, don kada ƙurar ta shige gaɓoɓi, in dawo in jefa shi a bokiti in ɗauko ɗan'uwansa. Jar fatar tana rataye a ƙusa a bayan ƙofa, ba a durowa ba, inda iska ke samunta har Nuwamba.